Darasi: Man bilicin, mai sauƙin farawa, mai wuyar bari

Baƙin fata ba datti ba ne, ba ƙunar rana ba ne. Akwai wani sinadari da fata ke yi da kanta, sunansa melanin. Shi ke ba fata launi, shi ne kuma laimar da ke tare mata zafin hasken rana. Duk man bilicin aikinsa ɗaya ne: ya hana fata yin wannan sinadari. Abubuwa uku aka fi zubawa a cikinsa, wato sitiroyid, haidirokwinon da makuri. A wannan darasi za mu fi tsayawa kan na farko, domin shi ne ke ɗaure mai shafa har ya kasa bari.

Bari mu bi labarin wata mata, irin labarin da ma'aikatan lafiya ke yawan ji. Tun tana yarinya ake tsokanarta da baƙi, ana yabon ƙanwarta fara a gabanta. Da ta girma, tallar sabulu da mai duk farare take gani, wayar hannu ma idan ta ɗauki hoto sai ta ƙara mata haske. Bikinta ya matso, wata ƙawa ta ce mata, "Ke kam ki ɗan gyara fatarki mana. Ba bilicin ba ne, haske kawai zai fito miki da shi." Ta kawo mata ƙananan tub biyu, kowanne giram 30, ta ce ta matse su cikin man shafawarta ta juya.

Ku lura da maganar ƙawar. Da wuya mai sayarwa ko mai shafawa ya kira abin da sunansa. Sai ka ji "gyaran fata", "haɗi", "mai sa sheƙi". Kuma ba mata kaɗai ba ne, maza ma suna shafawa, sai dai sun fi ɓoyewa.

Abin da ke cikin tub ɗin nan sitiroyid ne mai ƙarfi ƙwarai. A jikin kwalinsa ana rubuta Clobetasol 0.05%, wani kuma Betamethasone. Magani ne na gaske, likitoci na ba da shi ga masu wasu cututtukan fata masu tsanani. Amma da sharaɗi: a shafa kaɗan a inda ciwon yake, na mako biyu zuwa huɗu, kada kuma a wuce giram 50 a mako na irin na farkon. Ita kuwa wannan mata tana ƙarar da haɗinta cikin mako guda, daga fuska har ƙafa. Giram 60 ke nan. Tun makon farko ta wuce abin da aka yarje wa marar lafiya, alhali ita lafiyarta ƙalau.

Da farko abin ya yi daɗi. Sitiroyid yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana kuma rage yin melanin, sai fuska ta yi fayau, ƙurajen da ke akwai su kwanta. Yabo ya fara zuwa: "Kai, kin yi fes! Me kike shafawa?" A ganina wannan yabon ya fi tallar kamfani ƙarfi, domin daga bakin waɗanda take ƙauna yake fitowa.

Bayan wasu watanni fatar ta fara yin siriri, har ana ganin korayen jijiyoyi a cinya da hannu. Nankarwa mai faɗi, ja-ja, ta fito a hammata da cinyoyi, irin wadda ba ta gogewa. Ƙuraje suka dawo fiye da da. Makero ya bazu, saboda maganin ya raunana garkuwar fata. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa kuwa suka ƙi yin fari, su ne ke tona asirin mai shafawa.

Ta tsorata, ta daina rana ɗaya. Cikin 'yan kwanaki fuskarta ta ɗauki zafi kamar wuta, ga ƙaiƙayi, ga saɓa, sannan ta fara duhu dabbare-dabbare. Masu yabo suka koma tambaya: "Lafiya kuwa? Ko ba ki jin daɗin gidan ne?" Ta koma wa man, cikin kwana biyu komai ya lafa. Sai ta ce a ranta, ashe man ne ke mata magani. Nan ne tarkon yake: abin da ya jawo ciwon shi ne ke kwantar da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a fata ba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke yin sinadarin kotisol, wanda ke taimaka wa jiki riƙe ƙarfin bugun jini da sukari, musamman lokacin rashin lafiya. Sitiroyid ɗan'uwan kotisol ne. Idan ya yi ta ratsa fata yana shiga jini, sai tsokar ta ga an wadata, ta rage aiki. Yawansa a jini na iya kawo hawan jini, ciwon sukari, kumburin fuska ta zama kewayayya, da yanar ido ga mai shafawa kusa da ido. Rauni ma ba ya saurin warkewa, shi ya sa duk wanda za a yi wa tiyata ya kamata ya faɗi abin da yake shafawa, kada kunya ta hana shi.

Saboda haka wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid a jiki mai yawa, kada ya yanke lokaci guda. Ya ɗauki kwalin ko robar haɗin ya kai wa likita, ya faɗi tsawon lokacin da adadin tub a mako. Za a auna jini da sukari, a rage masa sannu a hankali: a koma wa mai sauƙin ƙarfi, a riƙa tsallake kwanaki, har tsokar nan ta farfaɗo. Yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Fata za ta koma launinta, wani lokaci ta fi da duhu kafin ta daidaita, don haka a guji rana, a shafa mai marar haɗi. Idan bayan dainawa aka ji jiri, amai da mutuwar jiki, a tafi asibiti nan take.

Sauran biyun dokarsu daban ce. Haidirokwinon, wanda ake rubuta Hydroquinone, idan an daɗe ana shafa shi yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, mai wuyar magani. Makuri kuwa, wanda kan zo da suna Mercury ko Calomel, guba ne mai lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kaiwa ga jariri ta ciki da ta nono, yana kuma maƙalewa a tawul da zanen gado. Shi ba a rage shi a hankali, daina shi ake yi a ranar. Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 kan makuri, ta hana kayan shafa masu makuri, amma har yanzu ana samunsu a ɓoye, sau da yawa ba a rubuta komai a jikin robar ba. Haɗin da ba shi da rubutu, ba wanda zai iya gane abin da ke ciki da ido ko da hanci.

Aikin aji

Matar nan tana ƙarar da giram 60 a mako. A shekara akwai mako 52. Ku lissafa giram nawa ta shafa a shekara, sannan ku mayar da shi kilo.

Ku zo da kwalin man shafawa guda daga gida, ku nemi sunaye huɗun nan a jikinsa: Clobetasol, Betamethasone, Hydroquinone, Mercury. Ku kwafe wanda kuka gani a littafinku.

Ku tattauna biyu-biyu: da ku ne 'yan'uwan matar nan a makon da fuskarta ta yi duhu, me za ku ce mata maimakon "Lafiya kuwa?"