Tambaya ɗaya, sau ɗaya, sannan ka bar teburin

'Yan uwa masu hidimar tebur, ga abin da na koya: ka ba da shawara kan abu guda ɗaya tak, wanda ya dace da abin da baƙo ya riga ya zaɓa.

Kada ka ce "Za ku ƙara wani abu?" Kusan kullum a'a za ka ji, don ka ɗora wa mutum aikin tunani. Kira abin da sunansa. Misali, mutum biyu sun zaɓi abinci mai yaji. Ka gama rubutawa, ka maimaita musu, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, wannan yana da yaji sosai, in kawo lemo mai sanyi tare da shi, ko ruwan ya isa?" Ka ga ka ba shi dalili, ka kuma buɗe masa ƙofar ƙi ba tare da jin kunya ba. Idan ya ce ruwa ya isa, ka ce "To, madalla," ka wuce. Ni ba na maimaitawa.

Lokaci ma yana da tasiri. Ka tambayi ƙarin abin sha sa'ad da kofi ya kusa ƙarewa, ba bayan sun ture faranti ba.

Inda dabarar ba ta aiki: wanda ya gayyato mutane kuma shi zai biya. Idan ka ga yatsansa yana bin farashi, kada ka tallata komai a gaban baƙinsa. Zai amsa don kunya, ya biya da ɓacin rai, da wuya kuma ya dawo. Haka mai sauri da ke duba agogo, kai masa abin da ya ce kawai.