Yadda na share sirrina daga waya kafin in ba da aronta

Ƙanena zai riƙe wayata ta Android na ɗan lokaci, sai na buɗe Chrome na share tarihin bincike, na ɗauka shi ke nan. Da na gwada buɗe shafin imel, sunana da kalmar sirri suka cika kansu da kansu. Na sake sharewa, na kashe waya na kunna, duk a banza.

Ashe kalmomin sirrin ba a cikin tarihi suke ba, suna ajiye ne a asusun Google, wayar tana jawo su daga can. Haɗarin kuwa shi ne, in ka goge su kana cikin asusun, sun tafi har a kwamfutarka. Don haka ban taɓa su ba. Na shiga Settings, sashen asusu, na zaɓi nawa na danna Remove account. Wannan yana cire asusun daga wayar ne kawai, ba ya rufe shi. Ka tabbata ka tuna kalmar sirrinsa kafin ka danna.

Daga nan na shiga Apps, na zaɓi Chrome, na share ma'ajiyarsa ɗungurungum, ba cache kaɗai ba, domin share cache ba ya fitar da kai daga ko wane shafi. Da na sake buɗe shafin imel, gurbin ya fito fayau.

Saura Wi-Fi. A Saved networks na bi ɗaya bayan ɗaya ina danna Forget, domin wanda ya san lambar buɗe wayar zai iya danna Share ya ga kalmar sirrin gida ko ta ofis.

Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta, na sauya lambar buɗewa na miƙa masa wayar.