Yadda ake fitar da karent reshiyo da giros majin daga bayanan kuɗin shago

Na daɗe ina koyar da akawu ga yaran da ke shirin WAEC da NECO a nan Bauchi, kuma abin da na lura shi ne ba rabawa ce ke kayar da su a tambayar reshiyo ba. Kowa ya iya danna kalkuleta. Inda ake zubar da maki shi ne wajen tsinto lambar da za a raba. Ɗalibi zai haddace ƙa'ida tsaf, ya zuba mata lambar da ba tata ba, ya fito yana murna.

Giros majin na nuna kason ɗanyar riba a cikin ciniki, karent reshiyo kuma na gwada dukiyar kusa da bashin kusa. Ga ƙa'idojin kamar yadda suke zuwa a takarda:

```
Gross margin = Gross profit ÷ Net sales × 100
Current ratio = Current assets ÷ Current liabilities
```

Mu ɗauki misalin wani shagon shinkafa da man gyaɗa a kasuwar Wunti, wanda ke saro kaya daga Kano. Lambobin ƙirƙira ne don koyo, kuma kowace tana nufin dubban naira.

Ciniki na shekara 12,400
Kayan da masu saye suka maido 400
Kayan da aka buɗe shekara da su 1,500
Kayan da aka saro 9,300
Kayan da aka mayar wa dila 100
Kuɗin motar ɗauko kaya daga Kano 300
Kuɗin kai wa masu saye kaya 200
Kayan da suka rage ranar rufe shekara 2,000
Bashin da shago ke bin mutane 900
Kuɗin hayar baɗi da aka riga aka biya 200
Kuɗi a hannu 500
Bashin da diloli ke bin shago 1,100
Obadiraf na banki 500
Albashin yaran shago da ba a biya ba 200
Motar shago 2,500
Rancen da za a biya gaba ɗaya bayan shekara 5: 3,000

Kada ka taɓa kalkuleta tukuna. Ɗauki fensir ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ka sa alama a gefen kowanne: na lissafin ciniki ne, dukiya ce, ko bashi ne. A ajina wannan doka ce, wanda bai sa alama ba ba na duba aikinsa. Minti biyu yake ci.

Ni da giros majin nake farawa ko da tambayar ta sa shi a ƙarshe, domin shi ne mai doguwar hanya. Da farko tace ciniki. Kayan da aka maido ba a sayar da su ba, don haka 12,400 a cire 400, saura 12,000. Wannan 12,000 ita ce net sales, ita za ka riƙe har ƙarshe.

Sai uwar kuɗin kayan da aka sayar, kuma a nan nake so ka nutsu. Yawancin yara da sun ga "kayan da aka saro 9,300" sai su cire shi daga ciniki su wuce. Amma tambayi kanka, duk abin da mai shago ya saro a bana ne ya sayar a bana? Ranar da shekara ta kama akwai buhunan bara jibge a shago, na 1,500, kuma su aka fara sayarwa. Ya ƙara saro na 9,300, ya mayar wa dila na 100 da ya samu da matsala, ya biya mota 300 kafin kayan su sauka a Wunti. Kuɗin motar nan cikin uwar kuɗi yake, duk ɗan kasuwa ya san buhu ba ya zama a farashin Kano idan ya iso Bauchi. Haɗa su: 1,500 da 9,300 da 300, a cire 100, ya ba ka 11,000. Wannan shi ne duk kayan da suka kasance a hannunsa don sayarwa. Ranar rufe shekara aka ƙirga aka tarar da na 2,000 suna nan ba su fita ba. Cire su. Uwar kuɗin abin da ya fita da gaske 9,000 ce.

Ɗanyar riba ke nan 12,000 a cire 9,000, wato 3,000. Raba 3,000 da 12,000 ka ninka da 100, ka samu kashi 25 cikin ɗari. Ma'anarsa, a duk cinikin naira 100, naira 25 ce ke saura kafin a biya haya da albashi da sauran hidima.

Dubi abin da kuskure ke haifarwa. Wanda ya manta da kayan rufe shekara zai samu kashi 8.3, wannan ko ido ya ga ya yi ƙasa. Mai haɗarin shi ne wanda ya cire 9,300 kai tsaye, domin zai samu 22.5, lamba mai kama da gaskiya, ba abin da zai sa ya koma ya duba. Haka wanda ya cusa kuɗin kai wa masu saye kaya, 200 ɗin nan, cikin uwar kuɗi, zai ƙare a 23.3. Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a kan wannan, ta ce, "Malam, ai duka kuɗin mota ne." Na ce mata ƙwarai, amma ɗaya an biya shi ne don kaya su shigo, ɗayan kuma bayan an gama ciniki. Na shigowa kaɗai ke shiga uwar kuɗi, na fita yana can ƙasa tare da haya da albashi.

Idan kuma amsarka ta fito 33.3, to ka raba 3,000 da 9,000 ne. Wannan makof ne, riba a kan uwar kuɗi, wadda 'yan kasuwa suka fi lissafi da ita. Majin kullum a kan ciniki yake.

Karent reshiyo ya fi sauƙi, tambaya ɗaya za ka yi wa kowane layi: zai zama kuɗi, ko za a cinye amfaninsa, ko za a biya shi, cikin wata 12? A ɓangaren dukiya ɗauki kayan rufe shekara 2,000 (ba na buɗewa ba, waɗancan an sayar tuni), bashin da ake bin mutane 900, hayar da aka biya gaba 200, da kuɗin hannu 500. Jimla 3,600. Motar shago ba ta ciki, da ita ake aiki, ba ta sayarwa ba ce. A ɓangaren bashi akwai na diloli 1,100, albashin da ba a biya ba 200, da obadiraf 500. Jimla 1,800. Rancen shekara 5 ka bar shi gefe, sai fa in an ce wani kaso nasa za a biya cikin shekara mai zuwa, to wannan kason ya shiga.

Kula da obadiraf. Yaro na ganin kalmar banki sai ya ɗauka kuɗin shago ne, alhali kuɗin da aka ciro ne fiye da abin da ke asusu, banki ke bin shago. Sa shi a dukiya, reshiyonka ya tashi 3.15 a banza.

Raba 3,600 da 1,800, ka rubuta 2:1, ba 2 tsura ba, ba kashi 200 cikin ɗari ba. Idan an ce ka yi sharhi, ka ce shagon na da naira 2 a kan kowace naira 1 ta bashin kusa, daidai da ma'aunin da littattafan karatu suka saba kawowa. Sannan ka ƙara layi ɗaya: 2,000 daga cikin 3,600 buhuna ne a ajiye, in aka cire su saura 1,600, wanda bai kai 1,800 da ake bin shagon ba.