Yadda ake cire taminal da ya kafe a kan batir ba tare da an karya kan ba

Kan batir, wato ɗan sandan da taminal ke kamawa, dalma ne, laushi gare shi, kuma a murfin roba aka dasa shi. Shi ya sa in ka kama taminal da filaya kana murɗawa hagu da dama, ba taminal ɗin kawai kake juyawa ba, har da kan, sai liƙin da ke gindinsa ya saki asid ya fara tsatsafowa, ko haɗin ciki ya tsinke batir mai kyau ya tashi aiki. Wallahi abin na min ciwo, don kan nan ƙasansa ya fi samansa kauri, in taminal ya ɗan buɗe kaɗan sama zai taso da kansa, ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan.

Kashe mota ka zare makulli, sa safar hannu da tabarau, kuma da mainos ake farawa, don ko sifana ta taɓa bodi ba za ta yi tartsatsi ba.

A ce ka buɗe bonet ka tarar farin gari mai kore-kore ya rufe taminal har noti ba ya ganuwa. Kar ka taɓa sifana tukuna. Dama cokali 1 na bekin soda a kofi 1 na ruwan ɗumi, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, zai yi kumfa yana tafasa, asid ɗin ke mutuwa kenan, amma ka kula kar ya shiga ramukan batir don can ciki ma zai kashe asid. In kumfa ta daina sai ka goge da burushin waya. Ɗiga man kwance tsatsa a notin, ka ba shi minti 10.

Notin galibi lamba 10 ne. Riƙe kan kusar da sifana ɗaya, kwance da ɗaya, don ƙarfin ya tsaya tsakanin hannuwanka kar ya sauka a kan batir. In ya kwance amma taminal na nan daram, cusa bakin sukudireba mai faɗi a tsagar da ke tsakanin kunnuwansa biyu, ka juya a hankali har bakin ya buɗe, sannan ka ɗaga sama sak. Kar ka sa sukudireba ƙarƙashi kana dogara da murfi, fashewa yake, guduma kuwa ko kusa.

In ya ƙi, nemo fula ta taminal, wato ƙarfen da ake zaro taminal da shi, ƙafafunta su kama ƙasan taminal, sukurun tsakiya ya taka saman kan, kana ɗaurewa yana tasowa. Kusar da ta ruɓe kuma yanke ta da zarton hannu, banda giranda, batir na fitar da iskar da tartsatsi ke kunnawa.

Bayan ya fita ka taɓa kan da yatsa, in yana motsi ko gindinsa na jiƙewa bayan ka goge, liƙin ya riga ya saki, farin garin nan zai yi ta dawowa sai an canza batir.