Yadda ake koya wa yaron aiki karanta zanen tsani na kunna moto da kashe shi

Duk yaron da aka kawo mini koyon aikin fanel a nan Gombe, wuri ɗaya yake yin tuntuɓe, wato madannin kashewa. Kunnawa ba ta ba su wahala. Saboda haka ba zan tsaya bayanin mene ne PLC ko kwantakta ba, wanda bai san su ba bai kai ga wannan darasi ba tukuna.

Kada ka fara da kwamfuta. Wannan doka ce a shagona. Ka kashe wutar fanel, ka cire madannan biyu, kore da ja, ka miƙa wa yaro mita a saitin da take ƙara idan hanya a haɗe take. Ya gwada koren: shiru, sai ya danna sannan mita ta yi kuka. Ya gwada jan: tana kuka tun bai taɓa ba, da ya danna sai ta yi shiru. Ka sa ya juya bayansu ya karanta, zai ga NO a jikin koren, NC a jikin jan. Haka zai gwada 95 da 96 na obalod, ya ji su ma a haɗe suke muddin bai faɗi ba. Minti 10 ya isa, amma in ka tsallake wannan za ka yi mako kana maimaita magana.

Bayan nan ka mayar da wayoyi, ka kunna wutar PLC kaɗai, moto kuwa a bar shi a cire. Ni kwan fitila nake sawa a madadinsa, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan naɗin moto da ya ƙone. A misalinmu koren yana kan I0.0, jan yana kan I0.1, obalod yana kan I0.2, kwantakta kuma Q0.0 ke jan ta. Ka ce ya dubi ƙananan fitilun da ke fuskar PLC ba tare da ya taɓa komai ba. Ta I0.0 a mace, ta I0.1 da ta I0.2 suna ci. Ka tambaye shi dalili, kada kuma ka ci gaba sai ya faɗa da bakinsa cewa 24V na ratsa jan madannin ne saboda a rufe yake.

Sai yanzu za ka zana masa layin, a takarda ko a bayan kwali:

```
|  I0.0       I0.1     I0.2      Q0.0
|--| |---+----| |------| |-------( )--|
|  Q0.0  |
|--| |---+
```

Ana karantawa daga hagu zuwa dama. In an sami hanya tun daga sandar hagu har zuwa Q0.0, kwantakta za ta kama.

Nan ne rigimar take. Wani yaro da na koyar, mai kaifin kai kuwa, ya kalli zanen ya ce, "Oga, ai akwai kuskure. Jan madanni NC ne, kai kuma ka zana shi a buɗe." Na ce to, gyara. Ya shiga kwamfuta ya mayar da I0.1 alamar mai karkataccen layi a tsakiya, -|/|-, ya tura. Ya danna kore, shiru. Ya sake dannawa har yatsansa ya gaji. Na ce ya riƙe ja a danne sannan ya taɓa kore. Nan take kwantakta ta buga, fitila ta kama, yana sakin ja ta mutu. Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa rufa-ido.

Abin da na gaya masa shi ne abin da za ka gaya wa naka. Alamar da ke cikin shirin PLC ba hoton madanni ba ce, tambaya ce. PLC ba ya ganin irin madannin da ka ɗaura a ƙofar fanel, wuta kawai yake gani a bakin wayarsa. Alamar -| |- tambayarta ita ce, akwai wuta a nan? In akwai, a wuce. Alamar -|/|- kuwa cewa take, babu wuta a nan? In babu, a wuce. To jan madanni yana turo wuta kullum, sai an danna take yankewa. Muna so a wuce lokacin da ba a danna ba, wato lokacin da fitilar I0.1 ke ci, don haka -| |- ce ta dace. Ruɗanin ya samo asali ne daga zanen wayoyi na fanel marar PLC, wanda yaran suka fara gani a makaranta. A can, alamar hoton madannin ce da gaske, kuma jan ana zana shi a rufe. Zane biyu ne masu kama da juna, amma ba magana ɗaya suke yi ba.

Ka kula da wata dabara da yaro zai kawo, domin tana aiki, haɗarinta ke nan. Zai bar -|/|- a shirin, ya canza jan madannin zuwa NO. Komai zai tafi daidai a gwaji. Ni ma na taɓa yin haka ina sabon hannu, a wani injin casar shinkafa, don na rasa NC a jakata kuma kasuwa da nisa. Bayan wasu watanni ɓera ya ci wayar jan madannin. Mai injin ya danna ja, moto bai san ana yi ba, sai da aka ruga aka sauke babban makashin wuta. Da NC ne, wayar na tsinkewa wuta za ta bar I0.1, moto ya tsaya da kansa, a zo a nemi dalili. Ka nuna wa yaro wannan da hannu: fitila na ci, ka kwance wayar I0.1, ya ga ta mutu. Dalili ɗaya ne ya sa obalod ma ake ɗaukarsa daga 95 da 96.

Reshen ƙasa, inda Q0.0 ya sake fitowa a gefen I0.0, shi ne riƙon kai. PLC zagaye yake yi: ya karanta abin da ya shigo, ya bi layukan, ya fitar da sakamako, ya koma farko, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A zagayen da aka danna kore, hanya ta bi ta sama Q0.0 ya kama. Zagaye na gaba ko an saki kore, reshen ƙasa ya tarar Q0.0 a kunne, sai hanya ta bi ta nan. Aikin da 13 da 14 ke yi a jikin kwantakta ke nan. Ka goge reshen ya gani, fitila ba za ta ci ba sai yatsa na kan kore.

Sauran gwaji ne, a yi shi da sauri. Ya danna kore da ja tare, bai kamata Q0.0 ya tashi ba, tunda ja yana gaba a kan hanya ɗaya tilo. Ya danna TEST na obalod, Q0.0 ya mutu, bayan RESET kuma kada ya tashi sai an taɓa kore. Ka ɗauke wutar fanel gaba ɗaya ka dawo da ita, ya zauna shiru. Wannan na ƙarshen kada ka bari a wuce shi, yadda wuta ke zuwa tana tafiya a garin nan, wani na iya sa hannu cikin bel yana ganin inji a kashe. In ya tashi da kansa, duba ko an yi riƙon da wurin ajiyar da ba ya mantuwa bayan ɗaukewar wuta. Madannin gaggawa kuma ba a barin sa ga shirin PLC kaɗai, wayarsa ta yanke wutar A1 na kwantakta kai tsaye. Sai yaro ya ci waɗannan a kan fitila, yana faɗin abin da zai faru kafin ya danna, sannan nake barinsa ya ɗaura moto.