Yadda Ake Ciro Rubutun Hausa Daga Hoto Ba Tare Da Lanƙwasa Ta Ɓace Ba

Mai shagon kwamfuta a Katsina da aka kawo wa tsohuwar takarda ya mayar da ita rubutu yakan tarar manhaja ta mayar da Ƙofar Ƙaura zuwa Kofar Kaura. Dalili biyu ne ke jawo haka: ko hoton bai fito da lanƙwasar ba, ko manhajar ba ta san harafin ba.

A fara da hoton. A ɗauki shafin da sikana a kan 300 dpi, ko 400 idan rubutun ƙanana ne, a adana shi a PNG ko TIFF, cikin launin toka-toka. Mayar da tsohuwar takarda baƙi da fari zalla yakan share siririn kan ƙ da ɗ, ya kuma goge alamar karin sauti kamar datti ce. Idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil, domin hoton da aka matse ya riga ya lalace.

Sai a binciki manhajar, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Tesseract, manhajar ciro rubutu daga hoto, ba ta fitar da harafin da babu shi a jerin haruffan samfurin da aka ɗora mata, komai kyawun hoto. Ga yadda ake duba ko akwai ƙ a jerin haruffan samfurin Turanci:

```
combine_tessdata -u eng.traineddata eng.
grep -c "^ƙ " eng.lstm-unicharset
```

Idan amsar ta fito 0, duk ƙ za ta koma k ko wani abu daban, kuma saka harafin a `tessedit_char_whitelist`, wato jerin haruffan da aka yarda ta fitar, ba ya koya mata shi. Mafita ita ce a ƙara horar da samfurin da `tesstrain`, kayan aikin horar da Tesseract, a ba shi hotunan layuka tare da rubutunsu da aka buga da hannu a fayilolin `.gt.txt`, a tabbatar akwai manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ, domin ba su cika fitowa ba.

Alamomin karin sauti, waɗanda aka fi samu a ƙamus da littattafan nazari, sun fi wuya. Harafin à guda ne, amma ā̀ haɗi ne na lambobin Unicode biyu, U+0101 na harafin da U+0300 na alamar karin sautin, don haka sai an daidaita rubutun horarwa da sakamakon a kan NFC, tsarin Unicode na rubuta irin waɗannan haruffa ta hanya ɗaya, a adana a UTF-8. Ganin alamar tambaya a gurbin ɗ yana nuna wajen adanawa aka yi ɓarna. Ƙaramin akwati kuwa yawanci zanen haruffan ne ba shi da ita.

Wajen gyara, kada a yi sauyin bai-ɗaya. A jimlar "za a daura aure a Daura", "daura" ta farko ce kaɗai ke buƙatar ɗ, wanda ya sauya duka zai ɓata sunan garin. Haka kafa da ƙafa, baki da baƙi, duk kalmomi ne ingantattu da manhajar duba rubutu ba za ta kama ba, sai an ajiye hoton a gefe an bi su layi-layi.