Yadda Ake Tsara Taron Suna a Legas Ba Tare da Ruɗewa Ba

Wahalar suna ita ce ba kai ke sa rana ba. Kwana bakwai ne kacal daga haihuwa, shi ya sa shirin yake farawa tun ciki yana wata takwas.

A wannan lokacin ne za ka zauna da mai girki da mai hayar rumfa da kujeru, ka gaya musu makon da likita ya ƙiyasta, sannan ka ba da kafin alƙalami wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba, bisa sharaɗin cewa za a tsayar da rana bayan haihuwa. A rubuta wannan sharaɗi a saƙon waya, domin maganar baka ba ta da shaida idan an samu saɓani. Ka karɓi lambar wani mai rumfar na biyu ka ajiye.

A ce an haihu ranar Asabar a Agege. Suna zai faɗo Asabar mai zagayowa, ranar da Legas ta fi cika da bukukuwa, rumfa da kujeru su yi wuya. Don haka a ranar haihuwar za ka kira mai girki da mai rumfa, kada ka bari sai gobe. Wanda ya ce maka "za mu gani" ya riga ya yi wa wani alkawari, ka koma kan na biyun nan take. Ranar Lahadi a sanar da liman da wanzami da mai gidan da kake haya, musamman idan a harabar gida za a kafa rumfa, tunda tare titi yana jawo rigima da hukuma.

Rago kuwa, ka saye shi a kasuwar dabbobi ta Oko-Oba da ke Agege ranar Laraba ko Alhamis. Idan ka saya da wuri, ciyarwa da wurin ɗauri za su dame ka a gidan haya. Idan ka kai Juma'a, abin da ka tarar shi za ka ɗauka. Tumatir da attaruhu a ɗauko su daga kasuwar Mile 12 da sassafen Juma'a. Ni dai shawarata, rumfa da kujeru su kwana a gidanka ranar Juma'a da dare, domin cunkoson hanya ba ya sanin kana da baƙi, kuma sai an sauke kaya ka ƙirga kujerun sannan ka cika kuɗi.

Idan a watan Yuni ko Yuli ne, ka ɗauka za a yi ruwa, ka nemi falon maƙwabci ko ajin Islamiyya tun da wuri, ka kuma tanadi man janareta. Idan kuwa tiyata aka yi wa mai jego, ko ba a sallame ta ba, a raɗa suna a masallaci da safe, a yanka rago a ranar ta bakwai, taron mata kuma a ɗage shi har ta ji ƙarfi. Ka sanar da mai girki wannan kafin yammacin Alhamis, kafin ta shiga kasuwa da kuɗinka.